Jimlar da za ka buɗe da ita tana sakin layi na huɗu

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina ɗan rubuta abubuwan da nake gani a kasuwa ina sawa a Facebook amma mutane basa kaiwa ƙarshe, wani abokina ma cewa yayi shi layi biyu yake karantawa ya wuce. Na turo maka na jiya, wanda na fara da "Kamar yadda kowa ya sani, harkar kayan gwari harka ce mai matuƙar muhimmanci a rayuwar al'umma musamman a wannan zamani da muke ciki." Dan Allah ya ake fara rubutu yadda zai riƙe mutum?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta har ƙarshe, sau biyu ma, kuma jimlar da kake nema ka riga ka rubuta ta da hannunka, tana nan kwance a sakin layi na huɗu. Inda kace: "Da muka kwance tamfol ɗin da asuba ruwan tumatir ne ya fara zubo mana a ƙafa, cikin kwando 300 da aka lodo daga Kadawa ko 60 masu kyau bamu fitar ba." Wallahi da na zo wurin nan sai da na gyara zama. Na ji sanyin ruwan a ƙafata, na ji warin, kuma nan take na so in san kayan waye, me ya samu motar a hanya, wa zai ɗau wannan asara. Duk abin da ka rubuta kafin nan, sakin layi uku cur, babu inda na ji haka ko sau ɗaya. Toh abokinka bai kai wurin ba, ya sauka tun a hanya.

Kar ka ɗauka kai kaɗai ne. Na shekara da shekaru ina gyara rubutun mutane, labaran rediyo da maƙaloli da na yaran da suke kawo min gajerun labaransu nan Agege, kuma abin da na fi yi da biro a rayuwata shine in ja layi a kan sakin layin farko in zana kibiya daga can ƙasa zuwa sama. Dalilin a bayyane yake. Lokacin da mutum ya zauna zai yi rubutu bai gama sanin me zai ce ba, sai hannu ya fara da abin da ya saba, kamar yadda direba ke tada mota ya barta tana ɗumi kafin ya saka giya. Ɗumin nan yana da amfani ga mai rubutu, shi ne yake kai ka ga maganar. Kuskuren kawai shine ka bar shi a ciki lokacin da zaka saki rubutun. Sannan ga tarbiyyar da muka samu, a makaranta an ce mana insha'i sai da gabatarwa, wasiƙa sai da bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a taro kuma mai jawabi sai ya gaida kowa da sarautarsa kafin ya shiga magana. A taro wannan daidai ne dan mutane sun riga sun zauna, babu mai tashi. Amma mai karanta ka yana cikin danfo ne a gosulon Ojota, hannu ɗaya riƙe da waya ɗayan yana laluben canjin kwandasta, babban yatsansa na kan gilashi a shirye. Kuma Facebook ɗin ma layuka kaɗan yake nuna masa sai ya yanke ya sa See more, duk abin da ke ƙasan wannan sai in ya ga dama ya danna. Kaga kenan layukan saman nan su ne kwandon da ka ajiye a bakin rumfa, da su mai saye zai yanke hukuncin shiga ko wucewa, kuma kai ka fi ni sanin ba a sa na baya-baya a bakin rumfa.

Ga gwajin da nake wa kowace jimlar farko, ka yi wa taka yanzu. Cire "harkar kayan gwari" ka sa "ilimi". Ta zauna daram. Cire ka sa "aure", ko "tsaro", ko "sana'ar acaɓa". Duk ta zauna. Jimlar da zata iya buɗe rubutu goma daban-daban babu abin da ta faɗa a kan naka. Yanzu gwada da ta sakin layi na huɗu, cire tumatir ka sa ilimi ka gani, ai ba zata yiwu ba, ta wannan safiyar ce kaɗai da wannan tirelar. Sannan ka lura da "kamar yadda kowa ya sani", da bakinka ka gaya wa mutum cewa abin da zai biyo baya ya riga ya sani, to me zai tsaya yi? 'Yan uwanta su ne "tun fil azal", "babu shakka", "sanin kowa ne", "a yau zan so in ɗan yi tsokaci a kan". Duk inda ka ga ɗayansu a saman rubutunka ka san har yanzu injin ɗumi yake.

Gwaji na biyu shine ka karanta jimlar ka tsaya, ka tambayi kanka wace tambaya ce ta taso a zuciyar wanda ya ji. In babu tambaya babu abin da zai ja shi zuwa jimla ta biyu. Kakanninmu sun gane wannan, mai tatsuniya tana cewa ga ta nan ga ta nanku sai yara su amsa ta zo mu ji ta, daga nan kuma bata tsayawa bayanin muhimmancin gizo a rayuwar al'umma, sai kawai kaji wata rana gizo ya ga an tara abinci a gidan sarki. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, ga abin da ya taso. Shikenan yara sun yi tsit.

Toh amma ga inda aikin yake da ɗan wuya, kuma nan nake so ka fi maida hankali. Jimlar farko bashi ce ka ɗauka a wurin mai karatu, dole sauran rubutun ya biya. Saboda haka kafin ka zaɓe ta sai ka san rubutun naka a kan me yake takamaimai. Naka da na karanta abu uku yake ja lokaci ɗaya. Akwai labarin motar da ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba ta kwana biyu a gefen titi ana jiran kayan gyara. Akwai rigimar da ta biyo baya tsakanin mai kaya da direba da dillali a kan wa zai ɗau asara. Sai kuma can ƙarshe ka kawo maganar da inaga ita ce ta fi damunka, cewa kwandon da ake jibgawa wani kan wani shi ke matse na ƙasa, da a kiret ɗin roba aka lodo da asarar bata kai haka ba ko da motar ta kwana. Kowanne cikin ukun nan ƙofarsa daban.

In labarin hanya kake so ka bayar, sai ka fara daga inda abin ya karye: "Kwana biyu tirelarmu tana tsaye a gefen titi bayan Mokwa, rana na dukan tamfol, direba na ta kiran Ilori a kawo masa ƙarfe ɗaya." In rigimar ce, ka fara da bakin mutum, dan ka rubuta abin da mai kayan ya faɗa kuma yana da ƙarfi: "Ni dai lafiyayyen tumatir na loda, inji mai kayan, yana tsaye cikin ruwansa har idon sawu." In kuma maganar kwando da kiret ce, to akwai wani abu da ka ambata a wuce a sakin layi na shida wanda ya isa ya zama ƙofa, cewa kwandunan da suka tsira kusan duk na layin sama ne. Sai kace: "Duk kwandon da muka fitar mai kyau daga layin sama ya fito, na ƙasa kuwa miya muka kwasa." Duk wanda ya ji wannan zai ce me yasa, kuma amsar me yasa ɗin ita ce rubutunka gaba ɗaya. Ni a ganina wannan na ukun shine rubutun da kake son yi, dan nan ne muryarka ta fi zafi. In haka ne sai ka haɗa su, ruwan tumatir a jimla ta farko, layin sama da na ƙasa a ta biyu, labarin Mokwa ya zama jimla biyu kawai a tsakiya, rigimar dillali kuma ka ajiye ta ka yi mata nata fostin daban wata rana, ta cancanci haka.

Bari in jera maka yadda saman zai kasance:

"Da muka kwance tamfol ɗin da asuba ruwan tumatir ne ya fara zubo mana a ƙafa. Kwando 300 aka lodo daga Kadawa, ko 60 masu kyau bamu fitar ba, kuma kusan dukkansu daga layin sama suka fito. Motar ta kwana biyu a hanya bayan Mokwa, kowa a kasuwa laifin direba yake gani, amma ni da na sauke kayan da hannuna abin da na gani daban ne."

Ka duba, ban ƙara maka komai daga aljihuna ba, duk kalmominka ne na canza musu wurin zama. Na raba doguwar jimlarka gida biyu dan ruwan ya tsaya shi kaɗai mutum ya ji shi kafin lissafi ya zo. Jimla ta uku kuma ita ce alƙawarin, ka ce kana da abin da ka gani wanda ya saɓa wa na mutane, yanzu dole a danna a ji. Shi kuwa bayanin da ka sha wahalar yi a sama, cewa yawancin kayan gwarin da Legas ke ci daga Arewa ake kawo shi kuma Mile 12 ce babbar masaukarsa, bai ɓace ba, zai shigo a sakin layi na biyu ko na uku cikin jimla ɗaya, lokacin mai karatu ya riga ya damu da tirelar sai bayanin ya zame masa abin buƙata.

Akwai wasu ƙananan abubuwa na Hausar kanta da suka sa jimlar nan take aiki, gara ka san su dan ka iya maimaitawa da gangan. Ka fara da "da muka", kuma duk jimlar da ta fara da "da" kaza ya faru, kunnen Bahaushe yana jiran "sai" ko abin da ya biyo baya, ba zai iya tsayawa a tsakiya ba. Sannan kace "ruwan tumatir ne ya fara zubo mana", wannan "ne" ɗin ya ɗauko ruwan ya ajiye shi a gaba ya haska shi. Gwada cewa "ruwan tumatir ya zubo mana" kaji yadda ta yi sanyi. Na uku, aikatau ɗinka na hannu da ƙafa ne, kwance, zubo, lodo, fitar. Irin Hausar ofis ɗin nan ta "an samu afkuwar asarar kayayyaki sakamakon matsalar da ta shafi sufuri" ita ke kashe jimlar farko, dan babu mutum a cikinta, ba wanda ya yi komai, abu ne kawai aka samu. Haka kuma ka kiyayi jan jimla da wanda, wadda, inda, wanda kuma, har numfashi ya ƙare ba a kai ga aikatau ba. A tsakiyar rubutu ana iya yafe wannan, a layin farko kam a'a.

Na san abin da zai tsaya maka a rai, dan kusan duk wanda na gaya wa haka sai ya tambaye ni, to sallamar fa, da bismillar? Ni ban taɓa ce wa kowa ya cire ba kuma ba zan ce ba. Magidanci ma in zai shiga gida yana sallama yana gyaran murya a zaure dan a kintsa, amma sau ɗaya yake yi ya shige, baya tsayawa a zauren yana ta yi. Ka sa Assalamu alaikum a layinta ita kaɗai, kalma biyu ce, ido zai amsa ya sauka ƙasa. Abin da ke cinye wuri shine jerin da ke biyo bayanta, ina gaida 'yan uwa da abokan arziki na kusa da na nesa, da fatan kowa ya tashi lafiya, ina mai neman afuwa in na yi kuskure dan ni ba marubuci bane. Gaisuwa da godiya ka kai su ƙarshe, wanda ya karanta har can shi ya fi cancantarsu ma. Neman afuwar nan kuwa ka daina shi kwata-kwata, kai ka tsaya a bakin tirelar nan da asuba, babu wanda ya fi ka ikon ba da labarin.

Yanzu ɗaya ɓangaren, dan wasu in aka ce su ja hankali sai su faɗa wani ramin da ya fi wannan muni. "Innalillahi, abin da ya faru a Mile 12 yau ya girgiza kowa." Dan girman Allah kar ka taɓa buɗe rubutun asarar tumatir da irin wannan. Mu da muke zaune a nan mun san me kalmomin nan ke nufi ga iyayenmu a gida. Rikicin da aka yi a Mile 12 a watan Maris na 2016 har aka rufe kasuwar, mutane basu manta ba, uwa a Kano ko Sakkwato ta ga wannan layin a wayar ƙaninka kafin ta kai ga jin tumatir ne hankalinta ya gama tashi. Kuma ko ba wannan ba, ka ɗau bashin da rubutun ba zai iya biya ba, ka yi alƙawarin mutuwa ka kawo kwando. Za a danna yau, gobe a danna, jibi an gane ka. Alamar da zaka rarrabe su da ita mai sauƙi ce, jimlar kirki tana ba ka abu na gaske a hannu ka nemi ƙari, ta yaudara kuwa ɓoye abin take tana ta kururuwa a kansa. Taka ta faɗi komai a fili, ruwa, 300, 60, kuma duk da haka ana son ci gaba.

Buɗewa da karin magana ko da "shin ko kun san" ba haramun bane amma ni ban cika so ba. Karin magana kowa ya san ƙarshensa tun daga kalmar farko, saboda haka babu abin jira, ya fi daɗi a tsakiya bayan an ga abin da ya faru sai ya zo ya ɗaure shi. Tambaya kuma in amsarta "eh na sani" ce ko "ina ruwana", ka buɗe wa mutum ƙofar fita da kanka.

Abu ɗaya da zan ware shine sanarwa da labari na gaggawa, nan ba a wasa da jan rai. Na tuna lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, wani yaro da nake duba wa rubutu ya kawo min nasa ya fara da tarihin yadda matasanmu ke zuwa kudu neman na kansu, sunayen wuraren kuma suna can ƙasa. Nace masa ɗan acaɓan da zai karanta wannan abu ɗaya yake son ji, ina ne in ya shiga za a ƙwace masa mashin, kuma daga yaushe. Muka dawo da Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa layin farko tare da ranar. A irin wannan rubutun abin da mutum zai yi amfani da shi yau shine ke riƙe shi. Toh in wata rana farashi zaka sanar ko rufe hanya, faɗi kawai a layin farko.

Yadda zaka riƙa yi daga yau, ka rubuta abinka gaba ɗaya yadda ya zo maka, harda ɗumin, kar ka tsaya kokawa da layin farko tun ba ka san na ƙarshe ba. In ka gama ka ajiye wayar ka je ka yi sallah ko ka sallami kwastoma biyu, ka dawo ka karanta da ƙarfi kamar kana ba wani labari a teburin mai shayi. Sai ka rufe sakin layin farko da yatsa ka fara daga na biyu, in babu abin da ya ɓace goge shi, ka sake yi wa na gaba haka har ka iso inda in ka cire labarin zai rushe. Zaka san ka wuce gona da iri in saman ya koma yana cewa "shi", "wurin", "abin nan" alhali ba a gabatar da kowa ba, sai ka maido suna ɗaya ko wuri ɗaya, ba sakin layin duka ba.

Kafin ka sake saka wannan ɗin ka tabbatar min da 60 ɗin nan, dan a sakin layi na bakwai kace "kusan kwando 80 aka sayar", kuma tunda lissafin ya hau layin farko 'yan kasuwarku da shi zasu fara kama ka. In 60 ne masu kyau sauran 20 ɗin na baya-baya ne da masu buka suka saya da araha, faɗi hakan a fili. Sunan mai kayan kuma ka cire shi sai in ya yarda. In ka gyara turo min in sake gani.